Kiran Bidiyo Zuwa Ƙasar Waje Idan Sabis Ba Shi Da Ƙarfi: Wace Manhaja Ce Ta Fi Juriya?

Daga Agege zuwa Sabon Ibadan, daga Ama Hausa ta Owerri zuwa zangon Fatakwal, da wuya ka shiga gidan ɗan Arewa ka rasa wanda yake da wani nasa a ƙasar waje. Wani ɗansa na aiki a Jidda, wata ƙanwarta ta yi aure a Kumasi, wani abokin kasuwancinsa na Dubai ko Guangzhou yana haɗa kaya. Kiran bidiyo ne ya rage wa mutane kewa, har tsohuwa ta ga jikan da ba ta taɓa ɗauka ba. Sai dai kowa ya san yadda abin ke ƙarewa: ana cikin gaisuwa fuska ta daskare, murya ta koma kamar ta mai magana a cikin randa, sai sikirin ya rubuto Reconnecting, a ƙarshe a yi ta "kana ji na?" har data ta ƙare.

Tambayar da aka fi yi ita ce wace manhaja ce ta fi kyau. Amsar a taƙaice: ga yawancin ƙasashe WhatsApp ce ya kamata a fara gwadawa, imo ta biyo baya, Google Meet ta zama ta ko-ta-kwana. Amma wannan jeri yana rushewa idan ɗan uwanka yana ƙasar da ta toshe kiran, ko kuma idan ba ka san ɓangaren da sabis ɗin ya gaza ba. Don haka abubuwa biyu ne za a fara sani kafin a zo kan sunan manhaja: me kiran bidiyo yake buƙata daga sabis, kuma a wace ƙasa mutumin yake.

Abin da kiran bidiyo yake nema a wurin sabis

Mutane da yawa suna mamakin yadda waya za ta buɗe bidiyon TikTok ko YouTube lafiya lau, amma da an danna kira sai ta fara in'ina. Dalilin shi ne ayyukan biyu ba iri ɗaya ba ne. Idan kana kallon bidiyo, wayarka karɓa kawai take yi, kuma tana tara 'yan daƙiƙu a gaba, ta yadda ko sabis ya yi tuntuɓe ba za ka lura ba. A kira kuwa babu abin tarawa, tunda maganar da ɗan uwanka zai faɗa bai faɗe ta ba tukuna. Sannan wayarka tana aikawa ne tana karɓa a lokaci guda.

Wannan aikawar ita ce inda gizo ke saƙar. A layukan waya, hanyar da data ke bi ta fita daga wayarka zuwa ƙarfen sabis kusan kullum ta fi ta shigowa ƙanƙanta. Ƙarfen sabis yana da babbar eriya da isasshiyar wuta, ita kuwa wayarka da ɗan batirinta take ƙoƙarin jefa saƙo ya ratsa bango da kwano. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis uku a saman waya, kana ganin ɗan uwanka tar, amma shi yana ce maka fuskarka ta zama dusu-dusu.

Nawa ake buƙata? Kamfanin Zoom ya rubuta a ƙa'idarsa cewa kiran bidiyo tsakanin mutum biyu yana son 0.6 Mbps a shiga da kuma 0.6 Mbps a fita, idan kuma hoto mai tsabta sosai ake so sai an ninka. Murya kaɗai ba ta kai 0.1 Mbps ba. Ka riƙe wannan 0.6 a matsayin ma'auni. Idan fitarka ta kai haka, kusan kowace manhaja za ta yi maka aiki. Idan ta sauko wajen 0.2 ko 0.3, to nan ne bambancin manhajoji yake fitowa. Idan harafin E ne a saman wayarka, wato 2G, kada ma ka wahalar da kanka da bidiyo, ka tsaya a murya.

Bayan faɗin hanya akwai jinkiri. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa idan murya ta isa kunnen ɗaya cikin ƙasa da 150 ms, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, hira tana tafiya ba tare da an ji wani abu ba. Idan ta haura 400 ms sai ka ji kuna ta cin karo, kai ka fara magana shi ma ya fara, ku duka ku yi shiru, ku sake farawa tare. Wannan ba laifin kunnen kowa ba ne, hanya ce ta cushe.

To, me ake nufi da manhaja mai juriya? Ita ce wadda idan ta ji hanya ta matse sai ta yi saurin rage kyawun hoto ta ceci murya, kuma idan sabis ya ɗauke na 'yan daƙiƙu ba ta katse kiran, sai ta jira ta sake haɗawa. Manhajar da ta nace wa hoto mai kyau ita ce ta fi saurin faɗuwa.

Kafin komai, tambayi ƙasar da yake

Akwai ƙasashen da ko da 5G kake a tsakiyar Ikeja kiran ba zai shiga ba, saboda can ne aka rufe ƙofa.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato su Dubai da Sharjah da Abu Dhabi, ta daɗe da toshe kiran murya da na bidiyo na WhatsApp a layukanta. Saƙon rubutu da hoto da saƙon murya duk suna tafiya, kira ne kawai ba ya haɗuwa. Manhajar da mazauna can suka fi dogara da ita ita ce Botim, wadda hukuma ta amince da ita, kuma tun 2020 aka buɗe wa Zoom da Microsoft Teams da Google Meet hanya. Kada ka matsa wa ɗan uwanka ya sa VPN don kawai ya faranta maka. Dokar ƙasar kan amfani da shi ta hanyar da ba ta dace ba tana da tara mai nauyi, kuma shi baƙo ne a can. Ban da haka ma, VPN zagaye yake ƙara wa hanya, jinkiri ya ƙaru.

Saudiyya ta sanar da ɗage haramcin kiran intanet a watan Satumban 2017, amma kiran WhatsApp ya ci gaba da ƙin tafiya a layukan ƙasar shekaru da dama bayan nan. Wannan ne ya sa imo ta samu karɓuwa sosai a wurin ma'aikata baƙi da alhazai. Duk wanda zai tafi Hajji ko Umara, a sa masa imo tun yana gida, a gwada ta da shi sau ɗaya ko biyu, kuma a yi rajistar da layinsa na Najeriya kafin ya hau jirgi. Sau da yawa lambar tabbatarwa ce ke ba mutane wahala idan an riga an isa can.

China kuwa ta toshe WhatsApp tun 2017, kuma manhajojin Google ma ba sa aiki a layukanta. Ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou ya sayi layin can, WeChat ce hanyarsa, don haka iyalinsa a Legas ko Onitsha su buɗe ta tun kafin tafiya.

Ga Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Birtaniya da Amurka da Malesiya, a yadda aka saba babu wannan shinge, zaɓi naka ne. Sai dai a tuna cewa idan ɗan uwan yana wani ƙauye a Damagaram ko Tawa, to sabis ɗinsa ne ya fi naka rauni, kuma kira kamar tafiyar ayari ne, da saurin raƙumin da ya fi gajiya ake tafiya.

Manhajojin ɗaya bayan ɗaya

WhatsApp ta fara kiran bidiyo a watan Nuwamban 2016, kuma tun farko an gina ta ne da tunanin ƙasashe irin Indiya da Najeriya inda sabis ke hawa da sauka. Ƙarfinta biyu ne. Na farko, tana rage hoto da kanta, kuma idan abin ya yi tsanani takan dakatar da bidiyon ta bar murya tana tafiya. Na biyu, a 2024 kamfanin Meta ya sanar da sabuwar fasahar matse murya mai suna MLow, wadda ke iya fitar da magana a fahimta da kilobit 6 kacal a daƙiƙa, kuma an yi ta ne don ta yi aiki a ƙananan wayoyi. Amma sai wayarka na da sabon zubin manhajar za ka amfana, don haka masu barin WhatsApp shekara guda ba sabuntawa suna cutar kansu ne.

Saiti biyu ne ya kamata a duba a cikinta. Ka shiga Settings, sannan Storage and data, ka kunna Use less data for calls. Sannan ka koma Privacy, ka gangara Advanced, ka duba Protect IP address in calls. Wannan na biyun yana bi da kiranka ta na'urorin kamfanin maimakon ya tafi kai tsaye, don ɓoye inda kake, kuma ita kanta WhatsApp ta rubuta a wurin cewa yana rage ingancin kira. Idan da 'yan uwa kawai kake waya kuma sabis ɗinka ba ƙarfi, ka bar shi a kashe.

imo ita ce ta biyu, kuma ga mai ɗan uwa a Saudiyya ita ce ta farko. Ta yi suna ne wajen riƙe kira a sabis mai rauni: hoton zai iya zama kamar an shafa masa mai, amma ba ta saurin sakin layi. Aibinta talla. Tana cike da tallace-tallace da ɗakunan hira da baƙin mutane masu neman abota, waɗanda ke cin data, kuma ba su dace da wayar yara ko ta dattijai ba. Idan za ka sa wa Hajiya, ka zauna ka shiga saitin sirri ka rufe ƙofar baƙi, ka nuna mata wurin kira kawai. Ga waya mai ƙaramin ciki akwai imo Lite, wadda ba ta da nauyi.

Google Meet ta gaji Google Duo, wadda aka fitar a 2016 don kiran mutum biyu a sabis mara tabbas, aka haɗe su a 2022. A cikin saitinta akwai Limit data usage, wanda ke rage datar da take ci da kuma wutar batir. Tana zuwa a cikin yawancin wayoyin Android, kuma tana aiki a Dubai. Inda take ba mutanenmu wahala shi ne tana tafiya da asusun Google, kuma dattijai da yawa ba su ma san adireshin da mai shagon waya ya buɗe musu ba.

Telegram ta shigo da kiran bidiyo a 2020. Tana da Use less data for calls a ƙarƙashin Data and Storage, kuma muryarta tana da kyau. Matsalarta ba ta fasaha ba ce, ta jama'a ce: 'yan uwa kaɗan ne ke da ita.

Zoom da Teams an yi su ne don taro. Idan zaman rabon gado ne ko shawarar biki da mutum goma daga ƙasashe huɗu, suna da amfani, amma sun fi nauyi a waya, kuma Zoom na kyauta yana yanke taro bayan minti 40. Masu neman Skype su haƙura, Microsoft ta rufe ta a watan Mayun 2025. Haka ma Messenger Lite, an daina ta tun 2023, saura babbar Messenger, wadda ke da nauyi ga ƙaramar waya.

Ƙa'ida ɗaya ta shafi dukansu: kowane mutum da aka ƙara a kira, hoto ne aka ƙara wa wayarka ta karɓa ta kuma sarrafa. WhatsApp tana ɗaukar har mutum 32 a kiran bidiyo, amma a sabis mai rauni da ƙaramar itel, mutum uku ma sun isa su durƙusar da ita. Idan taron dangi ne, mai magana kaɗai ya buɗe kyamara.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki

A ce ɗan kasuwar tumatir ne a Mile 12, yana haya a ɗaki ɗaya a wajen Ketu, ƙanensa yana aikin shago a Dubai. Mahaifiyarsu ta zo Legas ganin likita, tana son ta ga ɗanta. Kullum bayan Isha'i suna danna kiran WhatsApp, ya yi ta ƙara, ƙanen ya ɗauka, amma sikirin ya tsaya a Connecting har ya mutu. Sun canza layi, sun sayi data mai yawa, shiru. Alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, don a ga yadda ake karanta su.

Mataki na farko shi ne lura da irin gazawar. Kiran da ba ya haɗuwa ko sau ɗaya, alhali saƙon murya na tafiya nan take, ba raunin sabis ba ne, toshewa ce. Ƙarin data ba zai yi maganinta ba. Sai su duka biyu su sauke Botim, ko su yi amfani da Google Meet. A ce sun yi hakan, kira ya shiga. Yanzu matsala ta canza: su suna ganin ƙanen sarai, shi kuwa yana cewa hoton Inna yana tsayawa, muryarta na gutsurewa.

Mataki na biyu, awo. Tunda shi ne ba ya ganin su da kyau, zargi yana kan fitar datarsu. Sai a buɗe fast.com a burauza, a jira ya gama, a danna Show more info. Lamba babba ta sama ita ce shiga, amma wadda ake nema ita ce Upload. A ce a cikin ɗaki da ƙarfe 8:30 na dare an samu shiga 3 Mbps, fita 0.15 Mbps, sannan a wurin Latency an ga Loaded ya haura 600 ms. Ka ga an kama ɓarawo. Shigar ta ninka abin da ake buƙata sau biyar, fitar kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ce ta 0.6 ɗin nan. A kula, shi kansa awon yana cin data, don haka a yi shi sau biyu ko uku, ba kullum ba.

Mataki na uku, a gano ko wuri ne ko lokaci. A fito ƙofar gida ko a hau bene a sake awo a daidai wannan lokaci. Idan fitar ta tashi zuwa 0.7, to bango da rufin kwano ne suka tare hanya, maganin kuma shi ne a ɗauko wa Inna kujera a bakin taga ko a baranda. Idan ba ta tashi ba sai kaɗan, to cunkoso ne. Ƙarfen sabis ɗaya dubban mutane ke rabawa, kuma a unguwanni masu cikowa kamar Ketu da Agege da Idi-Araba, daga Magariba zuwa wajen goma na dare kowa ya dawo gida yana kan waya. Sandunan sabis za su nuna a cike, domin su ƙarfin sigina suke aunawa, ba yawan masu layi a kansa ba.

Maganin cunkoso shi ne canza lokaci, kuma nan lissafin agogo yake shigowa. Dubai tana gaban Najeriya da awa 3. Ƙarfe 8:30 na dare a Legas, 11:30 ne a can, lokacin ma bai yi wa ƙanen daɗi ba. Tun farkon 2022 hutun mako a Daular ya koma Asabar da Lahadi, don haka idan yana hutawa ranar Lahadi, ƙarfe 7 na safe a Legas ya yi daidai da 10 na safe a Dubai. A wannan lokaci unguwa ba ta gama tashi ba, hanya a buɗe take. Ga masu 'yan uwa a wasu wurare: Saudiyya tana gaba da awa 2, Sudan da awa 1, China da Malesiya da awa 7, Ghana tana baya da awa 1, Nijar da Kamaru da Chadi agogonmu ɗaya.

Mataki na huɗu, a share wa kira hanya. Kafin a danna, a tabbatar ba a raba wa kowa data daga wayar, a tsayar da duk abin da Play Store ke saukewa, a kuma dakatar da Google Photos idan tana kwashe hotuna zuwa ma'ajiya, domin ita daidai wannan 'yar hanyar fita take cinyewa. A jingina wayar da wani abu maimakon a riƙe ta a hannu, a sa Inna ta fuskanci haske, bayanta bango ne ba tsakar gida mai kai-komo ba. Wannan ba kwalliya ba ce. Manhaja tana aika abin da ya canza ne daga hoto zuwa hoto, don haka hannu mai rawa da duhu mai ɗigo-ɗigo suna sa ta aika data mai yawa a banza.

Mataki na biyar, idan duk da haka dole sai da dare za a yi kiran, a yi dabarar karɓa-karɓa. A fara da murya, a gaisa a tabbatar layi ya zauna. Sannan su kashe kyamararsu, ƙanen ya buɗe tasa, Inna ta kalli ɗanta ta ƙoshi, tunda shigarsu tana da ƙarfi. Ita kuma fuskarta, a ɗauki gajeren bidiyo a tura masa ta WhatsApp, wanda ba a toshe shi a can ba. Saƙo yana iya jira ya tafi a hankali, kira ne ba ya jira.

Yadda za ka gane inda ciwon yake

Daga wannan misali za a iya fitar da 'yan alamu da za su yi wa kowa amfani. Idan kana ganin shi da kyau shi ba ya ganin ka, fitarka ce ta gaza: canza wuri ko ka kashe kyamararka. Idan kai ne ba ka ganin shi alhali bidiyon YouTube na buɗe maka, matsalar tana wajensa, shi ne zai matsa. Idan hoto na tafiya amma kuna cin karo a magana, jinkiri ne, ka duba ko VPN na kunne ko wani abu na saukewa a ɓoye.

Idan kira yana tafiya lafiya sai ya riƙa yankewa yana dawowa, ka kalli harafin da ke saman waya. Idan yana tsalle tsakanin 4G da H+, wayar tana ta canza sheƙa ne, kuma kowane tsalle yana girgiza kiran. A cikin saitin layi akwai Preferred network type, inda za ka iya tsayar da ita a 3G na ɗan lokaci ka gwada. H+ da ya zauna daram ya fi 4G mai zuwa yana tafiya. Ka tuna ka mayar bayan ka gama. Haka kuma a waya mai layi biyu, idan aka kira ka a ɗaya layin, data takan tsaya cak har sai kiran ya ƙare.

Idan kuwa kiran yana farawa da kyau sai bayan minti goma ya fara sanƙarewa, ka taɓa bayan wayar. In ta yi zafi, ita ce ta rage gudu don kare kanta, musamman idan tana caji a lokacin. Cire ta daga caji, cire mata riga, ka rage hasken sikirin.

Akwai kuma ranar da laifin ba na kowa ba ne a unguwa. Yawancin datar da ke fita daga Najeriya zuwa ƙetare ta wayoyin ƙarƙashin teku take bi, waɗanda da yawansu a Legas suka sauka. A ranar 14 ga Maris 2024 guda huɗu daga cikinsu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na kwanaki. A irin wannan rana canza manhaja ba ya magani. Abin da ya fi shi ne a gwada layin wani kamfani, ko a koma saƙon murya.

Lissafin data

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowa ya fara lissafi. Ga yadda ake yin sa. Kiran da ke tafiya a 0.6 Mbps yana cin megabayit 4.5 a minti ɗaya ta ɓangare guda. Tunda kana aikawa kana karɓa, kuma duka biyun daga datarka ake cira, ya zama megabayit 9 a minti, wato 180 a hirar minti 20. Idan manhaja ta rage hoto zuwa rabin haka, 90 ke nan. Murya zalla kuwa a minti 20 ɗin ba ta cika wuce megabayit 10 zuwa 20 ba. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: sabis mai ƙarfi ya fi cin data, domin manhaja na ganin hanya a buɗe sai ta ɗaga kyawun hoto. Shi ya sa saitin rage data yake da amfani ko a ranar da sabis ya yi kyau.

Kada ka dogara da jita-jitar cewa wannan manhaja ta fi waccan sauƙi, ka auna da kanka. Danna *323# ka rubuta abin da ya rage, ka yi kiran minti biyar ba tare da buɗe komai ba, ka ɗan jira, ka sake dannawa. Washegari a daidai wannan lokaci, a wuri ɗaya, ka yi haka da manhaja ta biyu. A WhatsApp ma akwai Network usage a ƙarƙashin Storage and data, inda za ka ga abin da kira kaɗai ya ci.

Abin da za a riƙe shi ne kowane gida ya ajiye manhaja biyu, ba ɗaya ba, kuma a zaɓe su bisa ƙasar da ɗan uwa yake: WhatsApp da imo ga mai Saudiyya ko ƙasashen maƙwabta, Botim da Google Meet ga mai Dubai, WeChat ga mai China. A yi yarjejeniya tun da wuri cewa idan ta farko ta ƙi sau biyu, a koma ta biyu ba tare da ɓata lokaci ba. Kuma a gwada su yau da ake zaune lafiya, kada a bari sai ranar da aka yi haihuwa ko rashin lafiya sannan a fara neman lambar tabbatarwa.